Abokina ya ba da sunana a kamfaninsu, me zan rubuta wa mai ɗaukar ma'aikata?

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Ina da lisans, amma shekara biyu ke nan ina zaune a Garin Malam ba aiki. Abokina da ke aiki a wani kamfani nan Damagaram ya ba da sunana don gurbin mai kula da ɗakin ajiyar kaya, ya turo mini imel da lambar mai ɗaukar ma'aikatansu. Na kasa rubuta komai, ina tsoron in zubar wa abokina da mutunci. Wani kuma ya ce in ban haɗa da goron jaka 50 ba, ko buɗe dosiyena ba za a yi ba. Yaya zan yi?

Amsa: Ƙanena, kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, koma wurin abokinka ka tambaye shi abu biyu. Shin ya yi magana da mutumin da bakinsa, ko kuwa lambar kawai ya ciro daga wayarsa ya ba ka? Kuma ya yarda ka ambaci sunansa? In bai yi magana da shi ba, ya fara yi, kai kuma ka rubuta washegari, tun sunanka bai fita daga kan mutumin ba. Ka tambaye shi kuma ko an riga an fitar da sanarwar gurbin. In an fitar, nemi lambar sanarwar da ranar rufewa, ka bi hanyar da ta ce. In ta ce a kai ambulan a rufe, kai ambulan, saƙonka ya zama sanarwa ce kawai cewa ka kai.

Ka rubuta ta imel, cikin harshen da aka yi sanarwar. Ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, yawancin kamfanoni da Faransanci suke aikin takardu. A layin take ka sa abin da zai sa a gano saƙon in an neme shi, kamar `Candidature magasinier`, sai lambar sanarwa da cikakken sunanka. Cikin saƙon kuma ga ma'anar da nake so ta fito, kai ka mayar da ita Faransanci:

"Barka da aiki. Malam wane na sashen sufuri ne ya sanar da ni gurbin mai kula da ɗakin ajiya, ya kuma ba ni adireshinku. Ina da lisans, na yi wata shida ina koyon aiki a ɗakin ajiyar wani ɗan kasuwa, inda nake rubuta shigar kaya da fitarsu a Excel, ina kuma yin ƙidayar ƙarshen wata. Ga CV ɗina da wasiƙar neman aiki. In akwai wata hanyar da kuka fi so a bi, ku sanar da ni. Na gode."

Ka lura sunan abokinka sau ɗaya ya fito, a matsayin wanda ya ba ka labari. Sauran duk aikin da ka iya ne, kuma ka sa naka na gaskiya a madadin misalina. Takardu su tafi a PDF mai ɗauke da sunanka. Hoton CV da aka ɗauka a kan tabarma, da inuwar hannu a gefe, ba ya karantuwa in an buga shi. Ka tanadi katin hukumar samar da aikin yi ta ANPE, da takardar ɗan ƙasa, da kofin diploma mai hatimi, da kaziye na kotu wanda bai wuce wata uku ba, amma kada ka tura su sai an nema.

Yanzu maganar goro, wadda ita ce ta fi damuna, domin kullum sai na ci karo da ita. Matasanmu sun ɗauka in wani na ciki ya ambaci sunanka, aiki ya samu, saura a "kammala". Daga wannan zato duk ɓarnar take fitowa. Abin da sunan abokinka yake saya maka shi ne a buɗe dosiyenka a karanta da natsuwa, a cikin tulin da ba kowanne ake kallo sau biyu ba. Wannan babban abu ne, amma iyakarsa ke nan. A kamfanin da ke da tsari, ba mutum ɗaya ke ɗauka ba. Ana tace dosiye da ma'aunin da aka rubuta tun kafin sanarwa, a yi jarrabawa, a yi ganawa gaban mutum biyu ko uku, kowa ya ba da maki ya sa hannu. Abokinka ma, in an san alaƙarku, a wurare da yawa cire shi ake yi daga kwamitin. To jaka 50 ɗinka wa za ta saya a cikinsu?

Ga inda kuɗin ke zuwa. Wani ne zaune a fada, ko mai lambar da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba, yana cewa ya san shugaban ma'aikata. Zai karɓa daga hannun mutum goma a kan gurbi ɗaya. Wanda Allah ya ba sa'a ya ci da ƙoƙarinsa, sai mai karɓar kuɗin ya ce aikinsa ne. Sauran tara kunya ba za ta bar su su kai ƙara ba, tunda su ma sun san abin da suka bayar. Alamunsu a fili suke: gaggawa, "turo kafin la'asar", lambar mutum maimakon adireshin kamfani, da kuɗin da ake canza wa suna, yau na buɗe dosiye, gobe na likita, jibi na kakin aiki. Na ga iyayen da suka sayar da tumaki saboda wannan, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na ji babba mai furfura yana cewa ai haka ƙasar take. Da irin wannan magana ake ciyar da ɓarayin.

In kuma mai ɗaukar ma'aikatan mutumin kirki ne, saƙon da ke ƙamshin goro shi zai kashe ka. "Zan saka muku", "ba zan manta da alheri ba", "wane ya ce kun riga kun gama magana": duk wanda ya karanta waɗannan a akwatin imel na aiki ya san rubutu ne da mai bincike zai iya gani gobe. Don ya kare kansa, sai ya ajiye dosiyenka gefe, wataƙila ya kira abokinka ya tambaye shi me ya yi maka alkawari. Haka nan in ka rubuta albashin gurbin, ko ka ce ka ji wane zai bar aiki. Ka tona cewa abokinka yana fitar da maganar cikin gida, shi da ya yi maka alheri. Ku ji tsoron Allah da amanar mutane, ku masu nema da ku iyaye masu tura yara "a je a gaida" ma'aikaci a gidansa da dare da leda a hannu. Wannan gaisuwar ba ladabi ba ce, matsa wa bawan Allah ne ya zaɓa tsakanin kunyarku da abincin iyalinsa.

Lambar wayar da aka ba ka, ajiye ta. In ranar rufewa ta wuce da mako guda ba ka ji komai ba, ka tura rubutaccen saƙo guda a lokacin aiki, ba saƙon murya ba, ba ranar Juma'a da yamma ba: sunanka, gurbin, ranar da ka tura imel, da tambaya ko ya iso. Kada ka mayar da abokinka ɗan aike yana zarya ofishin mutumin. In amsa ta zo cewa ba a ɗauke ka ba, ka mayar da godiya a layi biyu, ka roƙi a riƙe CV ɗinka don gurbi na gaba, sannan ka sanar da abokinka da kanka kafin ya ji a bakin wani.