Yadda za a gyara rahoton shekara na ƙungiyar agaji ya tsaya a kan hujja

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar agaji da ke tallafa wa aikin jinyar yara masu tamowa a ƙananan asibitoci biyar. Shugabanmu ya buɗe rahoton bana da cewa "Mun ceto rayukan yara sama da 12,000, mun share hawayen iyaye mata", sai masu ba mu tallafi suka dawo da shi, suka ce ba su ga hujja ba. Abin da ke hannuna shi ne mun auna yara 12,400, kuma rajistar jinya tana da suna 1,860. Ta ina zan fara gyara ba tare da na rage wa aikinmu daraja ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da kalmar aikatau da ke cikin kowace jimla, domin a nan ne yawancin rahotanni suke zamewa. "Mun auna", "mun karɓa", "sun warke" da "mun ceto" matakai huɗu ne daban, kuma kowanne yana da irin takardar da ke tsaya masa. Awo yana da takardar ƙidayar masu sa-kai da suka zaga gida-gida, karɓa tana da rajistar asibiti, warkewa tana da katin jinyar yaro inda aka rubuta awonsa na ranar sallama. Ceton rai kuwa ba shi da takarda a ofishinku, saboda ma'anarsa ita ce da ba ku zo ba da yaron ya rasu, wannan kuwa sai da bincike na musamman da ke kwatanta waɗanda suka samu jinya da waɗanda ba su samu ba. Abin da ya faru a jimlar shugabanku shi ne an ɗauko adadin matakin farko, an liƙa masa kalmar matakin ƙarshe. Yaron da aka naɗa wa ma'auni a dantse ya nuna kore, aka shafa kansa aka ce wa uwarsa lafiyarsa ƙalau, an yi masa hidima ta gaske, amma ba a cece shi daga komai ba.

Saboda haka ki ɗauki daftarin da jan biro, ki ja layi ƙarƙashin duk wata jimla da ke iƙirarin an samu sauyi, sannan ki rubuta a gefenta sunan takardar da za ki miƙa idan mai bincike ya ce a nuna masa. Jimlar da gefenta ya zauna fari, ko dai a sauko da ita zuwa matakin da ke da takarda, ko a cire ta.

Aiki mafi nauyi yana cikin rajistar nan mai suna 1,860, kuma ina roƙon ki ba shi kwanaki, ki zauna da ma'aikacin da ke riƙe da ita a kowane asibiti. Layin rajista ba shi ne yaro ba. Yaron da jikinsa ya rikice, ya ƙi cin madarar kwamaso, wato abincin jinyar tamowa, aka tura shi babban asibiti ya kwana biyar, sau da yawa idan ya dawo sai a buɗe masa sabon layi da sabuwar lamba, musamman idan katinsa na farko ya ɓace ko ruwan damina ya jiƙa shi a jakar uwarsa. Za ki gane wannan idan kika jera sunan uwa, ƙauye da watannin yaro, kika ga sun maimaitu cikin makonni kaɗan.

Bari in ɗora misali a kan adadinki domin ki ga yadda lissafin yake tafiya, sai ki sauya da abin da rajistarku ta nuna. A ce kin tarar da layi 110 maimaici ne, kin ga yaran da aka karɓa sun koma 1,750. A ce kuma 250 daga cikinsu suna kan jinya ranar da shekara ta ƙare. Waɗannan ba a san ƙarshensu ba tukuna, don haka ba sa shiga lissafin warkewa, sai rahoton baɗi. Ana raba adadin waɗanda suka warke ne da adadin waɗanda suka fita daga shirin, wato 1,500 a misalinmu, ba da adadin waɗanda suka shigo ba. To a ce a cikin 1,500 ɗin nan 1,170 sun warke, 30 sun rasu, 255 an daina kawo su kafin sallama, 45 kuma sun cika wa'adin jinya ba su kai awon sallama ba. Wannan ya ba ki kashi 78 cikin ɗari na warkewa, kashi 2 na rasuwa, kashi 17 na waɗanda aka daina kawowa, da kashi 3 na waɗanda ba su warke ba.

Adadi shi kaɗai ba ya gaya wa mai karatu ko an yi ƙoƙari, sai an jingina shi da ma'aunin da ba ku kuka ƙirƙira ba. A wannan fanni ma'aunin da masu tallafi suka fi sani shi ne na Sphere, wato kundin ƙa'idojin aikin jin ƙai wanda aka fara aikinsa a 1997, kuma a jinyar tamowa mai tsanani ya ce waɗanda suka warke su haura kashi 75, waɗanda suka rasu su gaza kashi 10, waɗanda aka daina kawowa su gaza kashi 15. Haka kuma kalmar "warkewa" tana bukatar a faɗi abin da ake nufi da ita. Bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, yaro ɗan wata 6 zuwa 59 yana cikin tamowa mai tsanani idan kaurin dantsensa ya gaza milimita 115 ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, kuma a shawararta ta 2013 ta ce idan da awon dantse aka karɓe shi, a sallame shi bayan ya kai milimita 125 kuma kumburin ya sace na aƙalla mako biyu. Idan da wata ƙa'ida daban asibitocinku suke sallama, ita za ki rubuta, domin warkewar da aka ƙidaya da sassauƙan awo ba a kwatanta ta da wadda aka ƙidaya da mai tsauri.

A misalin nan kin ga kun haye ma'auni biyu, kun faɗi a na uku, kuma na san zuciya za ta raya miki a bar kashi 17 ɗin nan a cikin jadawalin ƙarshen rahoto inda ba kowa ke dubawa ba. Ina ba ki shawara da babbar murya kada ki yi haka. Dalili na farko shi ne duk wanda ya san aikin, da ya ga an ambaci warkewa ba a ambaci waɗanda aka daina kawowa ba, nan take zai tambaya. Dalili na biyu ya fi damuna: yara 255 ɗin nan ba a san halin da suke ciki ba, kuma mai yiwuwa wasu daga cikinsu sun rasu a gida, wanda ke nufin kashi 2 na rasuwa shi ne mafi ƙarancin abin da ya faru. Idan masu sa-kai sun bi sawun wasu, ki faɗi nawa aka bi da abin da aka tarar. Ki kuma rarraba adadin wata-wata da asibiti-asibiti, domin a nan ne dalili yake fitowa. Idan ya taru a watannin Yuli da Agusta, sai a duba aikin gona da yankewar hanya. Idan ya taru a asibiti guda cikin makonni uku a jere, sai a duba littafin sito, wataƙila madarar kwamaso ce ta yanke, uwa ta yi tafiyar safiya sau biyu ta koma hannu rabbana, ba ta sake zuwa ba. Rahoton da ya faɗi wannan tare da matakin da za a ɗauka yana ba mai tallafi wurin da zai sa kuɗinsa, kuma yana sa a je a nemo yaran.

Sai batun kalmar "mu". A yawancin irin wannan aiki, asibitin na gwamnati ne, ma'aikatan ita ke biyansu, madarar kuma sau da yawa ta hannun UNICEF ko ma'aikatar lafiya ta jiha take zuwa. Idan abin da kuka yi shi ne horar da masu sa-kai, biyan kuɗin sufuri da bin sawun yara, to shi za a rubuta da sunansa, a ce kun ba da gudummawa ga sakamakon. Haka nan kada ki ce tamowa ta ragu a yankin don kawai masu zuwa asibiti sun ragu a Nuwamba, domin bayan kaka an saba ganin hakan ko da shiri ko babu, kuma raguwar masu zuwa tana iya nufin hanya ce ta yi hatsari.

Idan aka haɗa duka, sakin layin farko zai iya zama kamar haka, bisa alkaluman misalinmu: "A wannan shekara masu sa-kai da muka horar sun auna yara 12,400, kuma asibitoci biyar da muke tallafawa sun karɓi yara 1,750 masu tamowa mai tsanani. Daga cikin 1,500 da suka fita daga shirin, 1,170 sun warke, wato kashi 78, sama da ma'aunin Sphere na kashi 75. Yara 30 sun rasu. An daina kawo yara 255 kafin sallama, wato kashi 17, wanda ya haura iyakar kashi 15, kuma mun bayyana dalilai da matakin gyara a shafi na gaba. An ciro alkaluman daga rajistar asibitocin bayan cire layi 110 da suka maimaitu." Kafin ki kulle, ki tabbata awo 12,400 ɗin ma yara ne, domin idan ana zagayawa duk wata uku, yaro guda zai iya fitowa sau huɗu, kuma a lokacin sai a rubuta "an yi awo sau 12,400".

Labarin uwa da ɗanta yana da gurbi a rahoton, ban ce a kore shi ba. Ki kawo shi bayan alkaluman, da yardar uwar bayan an yi mata bayani da harshenta inda labarin da hoton za su je, a sakaya sunanta, kuma a faɗi ko irin nata ne ya fi yawa ko kuwa na daban ne. Zai yi kyau a ji muryar wadda ta daina zuwa ita ma, da dalilinta a bakinta.

Game da shugabanku, kada ki kai masa gyaran a gaban taron amintattu. Ki same shi shi kaɗai da rajista guda da katunan jinya goma, ki nuna masa awon shigowa da na sallama a kan kowane kati, sannan ki ajiye tsohon sakin layin da sabon gefe da gefe, ki roƙe shi ya zaɓi wanda zai iya karewa idan masu tallafin suka zo asibitin da kansu suka ce a buɗe musu rajista.