An cire mini kuɗin shekara a manhajar da na goge

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ce a Jega. Na sauke wata manhajar gyara hoto daga Play Store don tallan ɗinkina, aka ce mako ɗaya kyauta ne, na sa katin bankina. Bayan kwana uku na goge ta. Jiya da dare sai ga alat an cire ₦18,500, wai kuɗin shekara. Za su dawo kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Akwai kyakkyawan zaton za su dawo, amma kada ki bari gobe ta yi. Google kan saurari neman mayar da kuɗi ne a cikin awa 48 daga lokacin da aka cire su, kuma naki lokacin ya fara tafiya tun jiya da dare. Ba dole ba ne su amince, sai dai wanda ya zo da wuri ya fi samun biyan buƙata.

Goge manhaja daga waya ba ya tsayar da biyan kuɗi, domin yarjejeniyar tana cikin asusunki na Google ne, ba cikin wayar ba. Saboda haka ki fara soke ta. Buɗe Play Store, ki taɓa hotonki da ke sama ta hannun dama, ki shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions. Za ki ga sunan manhajar. Taɓa shi, ki danna Cancel subscription. Sokewar ba ta dawo da ko sisi, abin da take yi shi ne hana a sake cire miki baɗi.

Idan kin shiga kika tarar babu komai, kada hankalinki ya tashi. Mutanenmu da yawa suna da imel biyu ko uku a waya ɗaya: wanda mai shagon waya ya buɗe ranar da aka saye ta, da wanda wani yaro a gida ya ƙara daga baya. Ki buɗe Gmail ki nemi rasit ɗin cirewar. Imel ɗin da rasit ya shigo, shi ne asusun da za ki yi aiki da shi. A cikin rasit akwai wata doguwar lamba da ta fara da GPA. Ki rubuta ta a takarda, ki kuma ɗauki hoton alat ɗin.

Daga nan ki buɗe burauza ki shiga play.google.com da wannan asusun. Taɓa hotonki, ki zaɓi Payments & subscriptions, sai Budget & order history. Nemo cirewar jiya, ki danna Report a problem, ki cike fom ɗin, ki bayyana cewa kuɗinki kike so a mayar.

A nan ne nake roƙonki ki faɗi abin da ya faru yadda ya faru. Wani zai ba ki shawara ki ce ba ki san da cirewar ba, ko ki je banki ki ce an yi miki kutse. Kada ki yi. Ke kika sa katin da hannunki, kuma komai yana rubuce a wurinsu. Idan banki ya janyo kuɗin da ƙarfi, ana iya dakatar da biyan kuɗi a asusunki na Google, ga shi kuma kin faɗi abin da ba haka yake ba. Gaskiyarki ta wadatar: gwajin kyauta kika shiga, kin goge manhajar, ba ki taɓa ta ba tun da aka cire kuɗin. Don haka kada ki sake sauke ta yanzu da sunan dubawa.

Amsa takan zo ta imel cikin kwana ɗaya, wani lokaci har kwana huɗu na aiki. In sun amince, kuɗin za su koma katin da aka cire su, yawanci cikin kwana 3 zuwa 5 na aiki, wani sa'in har 10. Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi.

In kuwa sun ƙi, ko awa 48 ta wuce, sai ki koma kan masu manhajar, don su ma suna da ikon mayarwa. A shafin manhajar a Play Store, ƙarƙashin App support, akwai adireshin imel ɗinsu. Rubuta musu gajeren saƙo da Turanci, ko wani ya taya ki: lambar GPA, ranar cirewa, adadin kuɗin, da cewa kin riga kin soke. Kada ki tura lambar katinki, balle lambar sirri. Babu buƙatarsu wajen mayar da kuɗi. In mako ya wuce shiru, ki sake tuntuɓarsu a kan wannan saƙon na farko, tare da hoton rasit ɗin.