Da gaske akwai ɗalibin ido da ɗalibin kunne?

Tambaya: Malam, ina koyar da aji uku na firamare a Sakkwato, da yamma kuma ina da ajin yaƙi da jahilci na mata. A wata bita an ce mu raba ɗalibai gida uku: masu koyo da ido, da kunne, da hannu. Gaskiya ne? Manyan ma haka zan yi musu? (Wata malama daga Mabera)

Amsa: Malama, kada ki raba su. Kowa na da hanyar da ta fi yi masa daɗi, amma jin daɗi daban, fahimta daban.

Gwada maganar ba wuya. A ware waɗanda suka ce sun fi son gani da masu son ji, a koya wa rabin kowane rukuni da hoto, rabi da baki, sannan a yi musu jarrabawa ɗaya. In da gaskiya, masu ido za su yi fice a darasin hoto, masu kunne a na baki. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa uku suka bi diddigin binciken da aka yi, suka tarar kaɗan ne aka yi ta wannan hanya, su ma ba su ba da hujjar raba ɗalibai ba.

Darasin ne ke zaɓar hanyarsa. Tajwidi sai da kunne, taswira sai da ido, dukanci sai hannu ya taɓa fata. Abin da nake jiye miki shi ne yaron da karatu ke ba wuya a laƙaba masa sunan "mai kunne", a daina sa shi karatun, alhali shi ya fi kowa buƙata.

Batun manya kuwa, ba shekaru za ki duba ba, abin da mutum ya riga ya sani za ki duba. Ɗauki 1000 − 650. Yaron aji uku sai kin warware masa misali a allo, daki-daki, ya ga inda aka yi aro, kafin ki ba shi nasa. Mai sayar da fura kuwa, kafin ki rufe baki ta ce 350. Yadda take ba da canji ta yi: hamsin ta cika 700, ɗari uku ta cika dubu. In kika dage sai ta bi matakan yaro, kin gajiyar da ita, ƙila ma ki rikita ta. John Sweller da abokansa a Ostireliya sun nuna haka: bayanin da ke taimakon ɗan koyo yakan zama kaya ga wanda ya riga ya iya. Rubuta lambobin ne ba ta iya ba, daga nan za ki fara.

Amma ranar da aka zo kan baƙaƙe, ita ma 'yar koyo ce, sai an bi da ita harafi-harafi. Don haka kafin sabon darasi ki jefa tambaya biyu ko uku da baki. Wadda ta amsa, ki wuce da ita zuwa rubutu. Wadda ta yi shiru, ki warware mata misali tukuna.