Abin da ya sa "ina gajiya" ba ta zama a Turanci

Tambaya: "Na rubuta wa wani Bature abokin aikina saƙo, na gaishe shi kamar yadda muka saba, na tambayi gajiya da iyali da jiki da Turanci, sai ya amsa mini kamar na faɗi abin da bai dace ba. Ina kuskuren yake?"

Malam, ni ma wannan abu ya taɓa faruwa da ni a shekarun da na yi ina musayar wasiƙun aiki da Turawa, kuma abin da na fahimta shi ne, gaisuwarmu siffar tambaya kawai take da ita, amma amsarta a shirye take tun kafin a buɗe baki. Idan aka ce maka "ina gajiya", za ka ce "ba gajiya" ko da ƙafafunka ba sa iya ɗaukarka, idan aka ce "ina aiki" ka ce "da godiya", idan aka ce "ina labari" ka ce "sai alheri". Ko mara lafiya da ke kwance aka tambaya "yaya jiki", "da sauƙi" zai ce. Duk Bahaushe ya san ba bayani ake nema ba, shi ya sa ba ya jin an shiga sirrinsa.

A Turanci kuwa, tambayar da ta fi samun irin wannan matsayi ita ce "How are you?", wadda ake amsawa a taƙaice a wuce. Duk wadda ka ƙara a kanta mai ambaton gajiya ko jiki, mai karatu zai ɗauke ta tambaya ta gaske, ya fara neman dalilin da ya sa ka yi ta.

Wata rana wata Baturiya da muke aiki tare ta koma ƙasarsu bayan doguwar tafiya, sai na rubuta mata: "How is your tiredness? How is your body? How is your husband?" A zuciyata ban wuce cewa "ina gajiyar hanya, yaya jiki, yaya maigida" ba. Amsar da ta zo ta sa na ji kunya, domin ta tambaye ni ko ta yi kama da mara lafiya a lokacin taron, sannan ta ce mijinta lafiyarsa ƙalau, ko wani ya gaya mini wani abu ne. Da na sake karanta saƙon da idonta sai na ga laifina. Jumlar farko ta riga ta yanke hukuncin cewa ta gaji, kamar na ga alama a fuskarta. Ta biyu ta fi muni, saboda kalmar da na yi amfani da ita tana nufin gangar jikin mutum, ba lafiyarsa ba, kuma namiji bai kamata ya tambayi abokiyar aiki wannan ba. Ta uku kuma ta ware mutumin da ban taɓa gani ba, alhali a wurinsu ba a cika tambayar miji ko mata ba sai an san su, ko an san wani abu ya same su.

Rubutu ma yana ƙara dagula lamarin. A baki, gaisuwa karɓa-karɓa ce, kana faɗa ana amsawa, kafin a gama an yi shida ko bakwai ba wanda ya ji nauyi. Idan ka jera su a saƙo ba amsa a tsakani, sai su tsaya cirko-cirko kamar tambayoyin likita.

"Sannu" ma haka take. Wanda ya yi tuntuɓe ka ce masa "sorry" kaɗai, zai iya ce maka ai ba laifinka ba ne, domin ya ji kamar neman gafara kake yi. "Sannu da aiki" kuwa mun saba mayar da ita "well done", kuma a Turancin Nijeriya kowa ya gane, amma ga Bature yabo ne kan aikin da aka kammala da kyau, har yana iya jin kamar kana yi masa magana daga sama idan ya girme ka a matsayi.

Abin da nake yi yanzu shi ne in duba manufar gaisuwar, in mayar da ita fatan alheri maimakon tambaya, in kuma tsaya a jumla ɗaya. Ga wanda ya dawo daga tafiya nakan rubuta "I hope you had a good trip", ga wanda na san ya yi jinya "I hope you are feeling better", iyali kuwa sai mun saba sosai nake cewa "I hope the family is well". Idan ɗan'uwana Bahaushe nake rubuta wa, ko da sauran saƙon Turanci ne, da Hausa nake gaishe shi in cika ta yadda ya kamata, sannan in shiga maganar aiki.