Kan waya ba shaida ba ne, a juya bayan na'ura

"Maigida, wata hajiya ta kawo injin markaɗe da ɗanta ya aiko mata. Kan wayar ƙafa biyu ne masu faɗi, ba ya shiga soket ɗinmu. In sa masa adafta in gwada? Kuma ta yaya ake gane ƙasar da aka yi wa na'ura?"

Ajiye adaftar nan tukuna. Ku yaran yanzu hannunku yana riga idonku isa wurin kaya. Adafta ba ta rage kuran ba ta ƙara shi, ƙafa kawai take canzawa. Kuran ɗinmu nan Tawa bolt 220 ne, bugunsa 50 a daƙiƙa, shi ne 50Hz da kake gani a rubuce. Na Amurka 120 ne da 60Hz, na Japan 100. Ka ɗora 220 a kan abin 120, zafin da zai shiga cikinsa ya fi ninki uku, kafin ka kai hannu ka zare ka ji ƙauri.

Ƙafa biyu zagayayyu na Faransa da maƙwabtanta, da ƙafa uku masu kusurwa na Ingila da ke shigo mana ta Ƙwanni daga Najeriya, waɗannan ko mai sayar da caja a bakin tasha ya san su, ba zan ɓata bakina ba. Masu faɗin nan su ne abin lura, don gida biyu suke fitowa. Idan akwai ƴar huda a bakin kowace ƙafa, ko ɗaya ta fi ɗaya faɗi, galibi na Amurka ne ko Japan. Idan sumul suke babu huda, sau da yawa na kasuwar cikin Sin ne, su kuwa 220 gare su kamar mu. To amma duk wannan zato ne. Kan waya da wuƙa ake yanke shi a ɗaura wani, ni kuwa na ga wanda ya yi haka don ya ci haƙƙina.

Wani ɗan kasuwa ne, ba zan kama sunansa ba, yana nan da ransa. Ya sa aka sauke mini wani ƙaton firigo mai ƙofa biyu da ya sayo cikin kayan Kwatano, ya ce gas kawai za a ƙara masa, wai har jiya yana sanyi. Ina wajen wani aiki, yaron da ke shagon a lokacin ya ga kan waya zagayayye irin namu, ya jona. Ko minti ɗaya ba a yi ba fis ya tsinke, ɗan akwatin da ke jikin kwamfireso ya yi hayaƙi. Mutumin da ma yana tsaye yana jiran haka. Ya ɗora hannu a ka, ya tara mini mutane, wai an kashe masa firigon da ya kawo da lafiyarsa.

Da na dawo na juya bayan firigon. Inda takardar kamfani ya kamata ta kasance, sai tabon gam, an ɓamɓare ta. Na leƙa ciki ta gefen ƙofa, nan ma an kankare. Abin da bai sani ba, na'ura ba wuri ɗaya take faɗin asalinta ba. Na buɗe kan wayar da aka ɗaura, sai ga zare uku irin na Amurka: baƙi, fari, kore. Na Turai ruwan ƙasa ne da shuɗi da kore mai ratsin rawaya. Na murza jikin igiyar da yatsa, ga AWG da tambarin UL a buge, alhali igiyar Turai H05VV-F za ka gani da kauri a mm². Na cire murfin ƙasa na haska tocila a jikin kwamfireso, ga takardarsa ƙarama da ya manta da ita: 115V 60Hz. Da na yanke bututu, man da ya fito baƙi ƙirin ne, warinsa na tsohuwar ƙuna, ba na abin da ya ƙone ɗazu ba. Shi ya jona shi a gidansa ya kashe shi, sannan ya canza kai, ya share shaida, ya zo neman wanda zai ɗora wa.

Na nuna wa dattawan layi duk wannan ɗaya bayan ɗaya. Suka ce sun gani, amma dai a shagona hayaƙi ya tashi, a yi haƙuri a raba asara. Na ƙirga jika tamanin na ba shi, kuɗin da na tara don sayen injin walda bututu. Har yau in na gan shi a masallacin Juma'a sai na canza sahu. Kuɗin ba su kai mini zafin kallon da ya yi mini ba lokacin da yake sa su aljihu, ya san na sani.

Daga ranar na kafa doka a shagon nan: ba a jona komai sai an karanta takarda a gaban mai kaya, in babu takarda a buɗe a duba igiya da moter yana tsaye. In ka ga 100-240V 50/60Hz, kamar yadda yake a cajar waya da ta kwamfuta, wannan na ko'ina ne, adafta ta ishe shi. In ka ga 220-240V 50Hz namu ne. In ka ga 110, 115, 120 ko 127 su kaɗai, sai da taransifo, na'urar da ke sauke bolt.

Tambura kuwa suna ƙarfafa zato ne kawai. UL da FCC suna nuna Amurka, PSE Japan, CCC Sin, UKCA Ingila, KC Koriya ta Kudu. CE na Turai ne, amma kada ka ba shi amana, don a yawancin kayan gida mai ƙera abin ne da kansa yake bugawa, kuma masu jabu ba sa jin nauyin buga shi. KC ɗin nan ka riƙe shi da kyau. Koriya 220 gare su, kan wayarsu zagayayye, yana shiga soket ɗinmu lafiya lau, amma 60Hz ne. Kayan Saudiyya da alhazai ke dawowa da su ma 60Hz ne. Moter irin na firigo ko fanka da aka yi wa 60, a kan 50 gudunsa yana raguwa da kashi ɗaya cikin shida, yana jan kuran fiye da ƙima, yana ɗaukar zafi. Ba ya mutuwa ranar farko, sai bazara ta kama, watan huɗu da na biyar, a kawo maka shi. Taransifo kuma ba ya gyara wannan, bolt yake canzawa, ba ya taɓa bugu.

Miƙo injin hajiyar in gani. Ga huda a ƙafafun, ga UL, ga 120V 60Hz 500W a gindinsa. Na Amurka ne. Ta yi sa'a, moter ɗin markaɗe mai gawayi ne, bai damu da 50 ko 60 ba, bolt kaɗai ne matsalarsa. Yana son taransifo mai sauke 220 zuwa 110, kuma ba na 500 cif ba, don moter yana fizgar kuran lokacin tashi. A nemo na 1000W. Ƴan ƙananan nan marasa nauyi da ake sayar wa matafiya kada ka kusance su, na gaske ƙarfe ne da jan waya, sai ka ji shi a hannu. Ka je kasuwa ka tambayo kuɗinsa, ka tambayo na sabon inji mai 220, ka gaya mata duka biyun ta zaɓa. In ta zaɓi taransifo, kada ka yanke kan wayar nan, ka bar shi da faɗinsa don kada wata yarinya a gidan ta iya cusa shi a bango.