Game da gidan gado da ka saya: abin da muka tattauna a rubuce

Alhaji, bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in rubuta maka abubuwan da muka tattauna ta waya, domin a lokacin ranka a ɓace yake, kuma daga saƙon da ka aiko daga baya na lura cewa ka ɗauki wani ɓangare na maganata a matsayin tabbacin cewa gidan ya zama naka, alhali ban faɗi haka ba.

Ga yadda ka bayyana mini lamarin. Ka sayi gida a cikin birnin Kano a kan naira miliyan 12 daga hannun babban ɗan marigayi, kafin a raba gado. Marigayin ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa. Takardar cinikin na ɗauke da sa hannun babban ɗan da na shaidu biyu da na mai unguwa, amma babu na sauran magada, kuma yanzu sun ce ba da yawunsu aka sayar ba. Idan akwai abin da na fahimta ba daidai ba a nan, ka sanar da ni, domin duk shawarar a kansa ta doru.

Abu na farko da na faɗa maka shi ne mutum ba ya sayar da abin da bai mallaka ba, kuma girman ɗan fari ba ya mayar da shi wakilin 'yan'uwansa. Bayan an biya bashin mamaci an kuma fitar da wasiyyarsa, wadda ba ta wuce sulusi, matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas. Sauran bakwai ɗin 'ya'ya ke rabawa, namiji biyu mace ɗaya. Ke nan wanda ya sayar maka yana da kashi biyu cikin takwas kacal, wanda a farashin da ka biya ya kama naira miliyan 3, idan babu bashi ko wasiyya da za su rage shi. Cinikin da ya yi a kan sauran rabon, a mazhabar Malikiyya, yana rataye ne a kan yardar masu shi: idan sun amince ya zartu, idan sun ƙi ya warware. Sa hannun mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, amma ba ya cike gurbin wannan yarda.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ba ka mamaki. Ko rubu'in da ya halatta ya sayar maka ma ba ka tsira da shi gaba ɗaya ba, saboda sauran magada suna da haƙƙin shuf'a tunda gidan ba a raba shi ba, wato suna iya biyan ka kuɗin da ka saya wannan rabon su karɓe shi ko ba ka so. Haƙƙin yana faɗuwa idan mai shi yana gari, ya san da cinikin, ya kuma yi shiru har tsawon shekara ba tare da uzuri ba, amma kai da bakinka ka ce sun yi magana tun a watan farko.

Kan batun takardar mallaka, na gaya maka cewa har yanzu sunan marigayi ke kanta, kuma sashe na 22 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a mayar da irin wannan haƙƙi ga wani. Ba za ka iya fara wannan ba sai an raba gado.

Hanyar da na fi so ka bi ita ce sulhu. A zauna da magada duka, a tambayi kowa a gaban shaidu ko ya amince, waɗanda suka amince su karɓi rabonsu daga kuɗin da ke hannun ɗan'uwansu, ko ka yi musu ƙari idan farashin ne bai gamsar da su ba, sannan a kai yarjejeniyar kotun shari'ar Musulunci da za ta raba gadon domin ta tabbatar da ita. Ka tabbata matar da 'ya'ya mata sun yi magana da bakinsu, domin a irin wannan zama a nan ake yawan yin sakaci, daga baya rigima ta dawo sabuwa. Idan akwai ƙaramin yaro a cikinsu, sai da izinin alƙali.

Idan sulhu ya ƙi, abin da ya rage maka shi ne ka nemi mai sayarwar ya mayar maka da naira miliyan 9 na rabon da ba nasa ba, ko ka warware cinikin duka ka nemi kuɗinka cif, tunda gida ka saya ba rubu'in gida ba. Kai shi wurin 'yan sanda yana da tushe ne kawai idan za ka iya nuna cewa da gangan ya yaudare ka, misali ya nuna maka takardar wakilci ta jabu.

Kafin mu sake magana, ka dakatar da rushe katangar da ka fara, kada ka ƙara kashe ko kwabo a gidan, kuma ka aiko mini da takardar cinikin da shaidar tura kuɗin ta banki da sunayen shaidun nan biyu.