Takardar tura majinyaci mai ciwon ƙirji

“Ina aikin jinya a asibitin ƙauye. Wani magidanci mai shekara 52 na jin nauyin ƙirji in yana noma, in ya huta sai ya lafa. Me zan rubuta a takardar tura shi babban asibiti?”

Malama, ki fara da yanayin ciwon, domin shi likita zai fi dubawa: aikin da ke tayar da shi, mintunan da yake ɗauka kafin ya lafa, da ko yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi. Ki rubuta awon jininsa da bugun zuciya da alƙaluma, misali 160/100, ki ambaci ciwon sukari, shan taba da magungunan da yake sha, sannan ki nemi a yi masa ECG. Amma idan ciwon ya fara zuwa yana zaune, ko ya wuce minti 20 tare da gumi, a tafi da shi nan take.